Maida ƙwan littafina zuwa giram: yadda aikin yake tafiya

12 ga Afrilu

Na ɗauki aikin sake rubuta littafin haɗin kek ɗina, domin duk inda aka ce ƙwai kaza in rubuta nauyinsa a gefe. Fulawa da sukari da bota tuntuni nake auna su a sikeli, ƙwai ne kaɗai har yanzu nake ƙirgawa, alhali shi ne abin da ya fi komai canzawa a kicin ɗina. Kiret ɗin da aka kawo min wannan makon ƙanana ne. Na ɗora su ɗaya bayan ɗaya a sikeli, yawancinsu tsakanin giram 48 da 52 suke da ɓawonsu. Wanda na ƙarar a watan jiya kuwa akwai masu haura 60 a ciki.

Na tambayi mai kawo min ƙwan, ya ce, "Hajiya, sababbin kaji ne, yanzu suka fara saka. Ga kuma zafin nan, kaza ba ta cin abinci sosai." Gaskiyarsa. Budurwar kaza da ƙananan ƙwai take farawa, sai ta ɗan kwana biyu tana saka sannan su girma, kuma tsananin zafi yana rage girman ƙwai. Ba abin da zan iya yi a kan wannan. Abin da ke hannuna shi ne in san nawa haɗin yake bukata, in ba shi daidai.

Da haɗin da aka fi yi min oda zan fara, wato kek mai bota na 'yan Birtaniya: bota giram 225, sukari 225, fulawa 225, da manyan ƙwai huɗu.

19 ga Afrilu

Kafin in fasa ko ɗaya sai da na zauna na tantance abin da mai haɗin yake nufi da babban ƙwai, don abin ya danganta da ƙasar da aka rubuta shi.

A Birtaniya da ƙasashen Tarayyar Turai, da nauyin ƙwai guda ɗaya da ɓawonsa ake raba shi. Wanda bai kai giram 53 ba ƙarami ne. Daga 53 zuwa 63 matsakaici, daga 63 zuwa 73 babba, abin da ya kai 73 ko ya haura shi ne mafi girma. A Amurka kuwa da nauyin dozin ake yi: babban ƙwai shi ne wanda goma sha biyunsa suka kai oza 24, wato kowane ɗaya oza biyu, kusan giram 57 da ɓawo. Idan aka jera su gefe da gefe, babban ƙwan Amurka matsakaici ne a Birtaniya. Wadda ta ɗauko haɗi biyu, ɗaya daga nan ɗaya daga can, ta sa musu ƙwai iri ɗaya, dole ɗaya ya samu ƙari ko ragi.

Gane asalin haɗi ba wuya. Wanda ya zo da kofi da oza da zafin obin 350, na Amurka ne. Wanda ya zo da giram da zafi 180, galibi na Birtaniya ne ko Turai.

Ɓawo yana cin kamar kashi goma zuwa goma sha biyu cikin ɗari na nauyin ƙwai. Don haka lambobi biyu na rubuta a bangon littafin, kuma su zan riƙa aiki da su: babban ƙwan Amurka giram 50 bayan an fasa, babban na Birtaniya giram 57 zuwa 60. Na ɗauki 57 don haɗina. Huɗu sun ba ni 228, kuma da na ga lambar sai na gane tsarin kek ɗin gaba ɗaya: ƙwan ma nauyinsa ɗaya ne da fulawa da bota da sukari. Mai haɗin ya rubuta huɗu ne saboda a kasuwarsu huɗu suke ba da wannan nauyin.

Sai na fasa huɗu daga kiret ɗina. Giram 176. Giɓin ya haura 50, wato ƙwai guda sukutum ya ɓace a cikin haɗin da na bi umarninsa daidai da yadda aka rubuta.

3 ga Mayu

Yau na yi kwaɓi biyu a jere don in ga bambancin da idona. Komai iri ɗaya: bota ɗaya, fulawa daga buhu ɗaya, bekin foda cokalin shayi biyu a kowanne, gwangwani mai faɗin santimita 20, zafi 180. Na farko ƙwai huɗu na ƙirge, giram 176. Na biyu giram 228 na aune.

Ga yadda nake aunawa. Ina ɗora kwano a sikeli in danna `TARE` ya koma sifili. Kowane ƙwai a ƙaramin kofi nake fara fasa shi, in duba, sannan in juye a kwanon. Da na zuba biyar sikeli ya nuna 220. Na shida ban juye shi ba, na kaɗa shi shi kaɗai da cokali mai yatsu har fari da gwaiduwa suka haɗe, na ɗiba daga ciki kaɗan-kaɗan har aka kai 228. Kaɗawar nan dole ce. Idan aka tsiyaya daga ƙwan da ba a kaɗa ba, fari ne zalla zai gangara, gwaiduwa ta zauna a kofi, sai a samu nauyi daidai amma abin da ke ciki ba daidai ba.

Tun a roba aka fara ganin bambanci. Kwaɓi na farko da na ɗebo a cokali na karkata shi, ya maƙale, sai da na girgiza da ƙarfi ya faɗo dunƙule. Na biyu ya ɗan tsaya, sannan ya sulale da kansa a hankali. Wannan faɗowar ita ce alamar da nake nema a irin wannan kek ɗin, kuma tana gaya wa mutum gaskiya tun kafin a kunna obin, lokacin da gyara yake yiwuwa.

Bayan gashi, na farko bai tashi sosai ba, tsakiyarsa ta yi tozo ta tsage, gefensa ya yi ƙasa. Da na yanka, wuƙa ta fito da gari-gari, yankan bai tsaya da kyau ba. Na biyu ya tashi bai ɗaya, na danna samansa da yatsa ya dawo, yankan ya fita sumul.

Dalilin a fili yake. Kusan kashi uku cikin huɗu na ƙwai ruwa ne, kuma a wannan haɗin babu madara, don haka ƙwan ne kusan duk ruwan da fulawa za ta sha. Idan ya yi kaɗan, kwaɓi ya yi tauri, iskar da bekin foda ta tayar ba ta samun sararin buɗa shi, sai gefe ya riga ya daskare, tsakiya ta fasa ta fito. Sannan ƙwai shi ne yake ƙanƙamewa a wuta ya riƙe jikin kek. Bota da sukari laushi suke sawa, ƙwai da fulawa su ke riƙewa. An rage mai riƙo an bar masu sa laushi yadda suke, shi ya sa yake marmashewa.

4 ga Mayu

Na bar sauran yanka biyun a rufe suka kwana. Na huɗun ya bushe, sai da shayi. Na aunen yana nan da damshinsa. Ga mai kai kek gidan biki, wanda ake gasawa yau a ci gobe, wannan ya fi tashin ma muhimmanci a wurina.

17 ga Mayu

An kawo kiret na manya, daga wata gonar. Akwai masu 70 a ciki. Na samu damar duba ɗaya gefen, wato idan ƙwai ya yi yawa, da wani haɗi na Amurka mai ƙwai uku, wanda bukatarsa giram 150 ce. Uku na wannan kiret ɗin sun ba ni 186. Ƙarin 36 a kan 150 ya kusa kashi ɗaya cikin huɗu.

Na zuba duka da gangan don in gani. Botar da na buga da sukari ta kasa shanye na ƙarshen, kwaɓin ya tsinke ya yi ɗigo-ɗigo kamar nonon da ya fara kamawa. Na sa cokalin fulawa ya ɗan haɗe. A obin ya tashi da kyau, har ya fi yadda na saba gani, amma da ya huce sai ya ja baya daga jikin gwangwani, samansa ya lotsa. A ƙasan yankan akwai wani siririn layi mai danƙo wanda ya fi sauran duhu, ga ƙarnin ƙwai, ga taunarsa tana ɗan ja.

Sai dai tsinkewar kwaɓi ita kaɗai ba hujja ba ce cewa ƙwai ya yi yawa. Ƙwan da aka ciro daga firij da sanyinsa yana sa haka, zuba shi gaba ɗaya a lokaci guda ma yana sa haka. Abin da ya tabbatar min shi ne layin nan na ƙasa da lotsawar bayan ya huce.

Na kuma lura da inda damuwa ba ta da amfani. Cincin ɗina ƙwai ɗaya nake sa wa fulawa mai yawa, kuma da ruwa ko madara nake daidaita taurinsa a hannu. A irin wannan, ƙarami ko babba duk ɗaya, ba na ɓata lokaci da sikeli. Haka shafa wa mitfai a sama. Inda nake tsayawa in auna shi ne haɗin da ƙwai ya kai uku ko ya fi, ko wanda ƙwai ne ruwansa. Ko a can ma, in na samu 220 maimakon 228 ba na fasa wani saboda giram takwas, sai dai in cike da ɗan madara. A gwajina, matuƙar bambancin bai wuce kashi ɗaya cikin goma ba, mai ci ba ya ganewa. Da ya wuce haka, kek ɗin ne yake faɗa.

31 ga Mayu

Ƙanwata da ke koyo a wurina ta ce, "Yaya, ni fa da ba ni da sikeli a gida?" Wannan ya sa na ware yau don awon ruwa.

Abin da ya sauƙaƙa lamarin shi ne nauyin kaɗaɗɗen ƙwai ya ɗan ɗara na ruwa kaɗan ne kawai, don haka a kicin ana iya ɗaukar giram ɗaya a matsayin mililita ɗaya. Babban ƙwan Amurka mililita 50 ke nan, ko cokalin awo babba uku da cokalin shayi ɗaya, tunda babban cokalin awo 15 ne, ƙaramin 5. Na Birtaniya ya kusa cokali huɗu. Kofin awo na Amurka kusan mililita 240 yake ci, shi ya sa ake cewa manyan ƙwansu biyar kofi ɗaya ne. Haɗina mai 228 kuwa kofi ɗaya ne a rage cokali guda.

Abu biyu ne suke ɓata wannan awon. Na farko kumfa. Na kaɗa ƙwai da ƙarfi na zuba a jug mai layi, ya nuna 250, na bar shi ya kwanta sai ya sauka ƙasa da 230. Don haka a hankali ake kaɗawa, iya yadda zai haɗe kawai, a jira kumfar ta lafa, a ajiye jug ɗin a kan tebur a sunkuya a karanta layin daidai saitin ido. Na biyu cokalin cin abinci. Na gwada na gidana da ruwa a sikeli, wani ya ɗauki giram 10, wani 12, babu wanda ya kai 15. Wadda ta ƙirga huɗu da irin wannan za ta zaci ta sa ƙwai guda, alhali ba ta kai ba.

Na ba ta shawarar ta sayi sabuwar kwalbar fida ta ajiye don kicin kawai. Tana da layin mililita, siririya ce don haka layukan suna da tazara mai sauƙin karantawa, kuma ana samunta a kowane kemis.

14 ga Yuni

Odar ɗaurin aure: haɗin nan sau uku. A rubuce ƙwai goma sha biyu ne, a nauyi 684. Kiret ɗin wannan karon ƙananan ne suka dawo, masu ba da kamar 44 kowanne. Na raba 684 da 44, ya ba ni goma sha biyar da rabi. Da goma sha biyun na tsaya, da 528 zan samu, giɓin ya haura 150. Ƙaramin bambancin da ba a gani a ƙwai ɗaya, a babban kwaɓi yake taruwa ya zama ƙwai uku da ɗoriya.

Wannan rabawar tana da amfani tun kafin a je kasuwa. Yanzu idan sabon kiret ya zo, ina fasa uku na farkon da zan yi aiki da su, in raba nauyinsu uku, in rubuta lambar a jikin kiret ɗin da biro. Da ita nake sanin ko kiret ɗaya zai ishe ni oda, da ita kuma nake lissafin kuɗi. Kiret ɗin ƙanana da aka ɗan rage wa farashi ba lallai ya fi araha ba: talatin sau 44 giram 1,320 ne, talatin sau 57 kuwa 1,710.

Rabin ƙwan da ya rage na shafa wa mitfai a ranar. Kaɗaɗɗen ƙwai ba ya jira a wannan yanayin. In akwai wuta ana rufe shi a firij a yi amfani da shi zuwa gobe, in babu a soya shi nan take.

28 ga Yuni

Damina ta zauna, ƙwan zabi ya cika kasuwa, kuma a nan ne aikin ya fi yi min daɗi, domin nauyi kaɗai bai warware komai ba.

Waɗanda na saya kamar giram 40 suke da ɓawo. Ɓawonsu mai kauri ne, sai an buga shi da bayan wuƙa, kuma kason da yake ci ya fi na kaza nesa ba kusa ba. Don haka lissafin cire kashi goma ba ya aiki a kansu, dole a fasa a auna. Na samu kamar 33 a kowanne: gwaiduwa 13, fari 20. Fasawa a kofi daban a nan ba a wasa da ita, don ƙwan zabi daga ƙauye ake tattaro shi, wani ya daɗe, ɗaya lalatacce kuma ya isa ya ɓata kwano guda.

A kek mai bota, bakwai sun ba ni 231, na zuba duka. Ya fito da kyau ƙwarai. Launinsa ya fi rawaya, jikinsa ya ɗan fi cika, ɗanɗanonsa ya fi maiƙo. Gwaiduwa kusan kashi ɗaya cikin uku mai ce, fari kuwa kusan kashi tara cikin goma ruwa ne, to ƙwan da gwaiduwarsa ta fi yawa ya ƙara mai ya rage ruwa. Na ga haka a cokali, kwaɓin ya ɗan yi jinkirin faɗowa, sai na ƙara madara babban cokali ɗaya. A ganina ga irin wannan kek ɗin ƙwan zabi ya fi na gidan gona daɗi, kuma zan riƙa amfani da shi har kakarsa ta wuce.

Inda abin ya bambanta shi ne kek mai iska, wanda ake raba fari da gwaiduwa a buga farin ya yi kumfa. Haɗin da nake da shi na Amurka ne, ƙwai biyar. A babban ƙwansu fari kamar giram 30 zuwa 33 ne, gwaiduwa 17 zuwa 18. Wato ina bukatar fari kamar 160, gwaiduwa kamar 90. Da jimillar 250 na bi, da na fasa na zabi bakwai da rabi in ce na gama, sai fari ya tsaya a 150, gwaiduwa ta doshi 100. Tashin wannan kek ɗin gaba ɗaya a kan kumfar farin yake, ga gwaiduwa mai nauyi an ƙara masa. Sai na auna kowanne a kwanonsa: takwas na fasa don farin ya kai 160, gwaiduwarsu ta zama 104, na cire guda ɗaya aka dawo 91. Ya tashi har bakin gwangwani, da na kife shi ya huce bai zauna ba.

Daga yau duk haɗin da ake raba ƙwai, lamba biyu yake samu a littafin, ta fari daban ta gwaiduwa daban.

12 ga Yuli

Na gwada tsohuwar hanyar da ake yin kek mai bota kafin a fara raba ƙwai aji-aji: a fara auna ƙwan, sannan a auna bota da sukari da fulawa kowanne daidai da nauyinsa. Masu yin haka a Birtaniya da ɓawo suke aunawa. Ni na fi son bayan fasawa, saboda kaurin ɓawon zabi, da kuma ƙwan da ya kwana biyu a zafi, wanda ruwansa yake ragewa ta jikin ɓawo. Na fasa na kajin gida shida, suka ba ni 204, na sa komai 204, na ɗan rage bekin foda, na fara duba shi da tsinke tun kafin lokacin da na saba ya cika tunda kwaɓin bai kai na kullum yawa ba. Babu ragowar ƙwai, babu kaɗa na ƙarshe daban. Don kek ɗin gida wannan hanyar ta fi sauƙi. Don oda ba za ta yi min ba, saboda mai saye girman da ya saba gani yake jira, kuma girman nan sai da nauyi tsayayye.

Zuwa yanzu sashen kek mai bota da na kek mai iska sun kammala a littafin, kowane haɗi da ƙasar da ya fito da nauyin ƙwansa. Saura karamel mai ƙwai da madara, wanda kamawarsa ta dogara da yawan ƙwai a kan madara, kuma ina zargin ƙwan sababbin kaji, da gwaiduwarsu ba ta da girma, zai ba ni wanda ba zai tsaya a faranti ba ko da nauyin ya cika. Na ce wa mai kawo ƙwai ya ware min kiret ɗaya na ƙananan a zuwansa na gaba, in gwada shi gefe da gefe da na zabi.